Maimaita Kwas a Jami'a: Haɗa Sakamako Biyu ko Goge na Farko, da Yadda Kowanne Ke Taɓa CGPA

Duk lokacin da aka liƙa sakamakon zangon karatu a allon sanarwa, ko aka ɗora shi a shafin makaranta, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa daga bakin ɗaliban da suka maimaita kwas: na sake rubuta jarrabawar, na kuma ci da kyau, to me ya sa CGPA ɗina bai tashi yadda na zata ba? Tambayar takan bi ɗalibi har gida, inda mahaifin da ya biya kuɗin rajista daga abin da ya samu a gonar shinkafa a Argungu ko a shagonsa na Kaura Namoda yake son a gaya masa a fili ko ɗansa ya gyara abin da ya ɓata ko bai gyara ba. Amsar ta dogara ne a kan ƙa'ida ɗaya da yawancin ɗalibai ba sa karantawa sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada, wato abin da makaranta ke yi da sakamakon farko bayan an samu na biyu.

## Kalmomin da ake lissafi da su

Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ɗalibai ke kira yunit. Kwas mai yunit 3 ya fi mai yunit 1 tasiri sau uku a lissafi. Makin da ɗalibi ya samu cikin ɗari ana mayar da shi harafi, harafin kuma yana da foyin ɗinsa. A ma'aunin foyin biyar da jami'o'in Najeriya suka fi amfani da shi, maki 70 zuwa sama A ne mai foyin 5, 60 zuwa 69 B ne mai 4, 50 zuwa 59 C ne mai 3, 45 zuwa 49 D ne mai 2, 40 zuwa 44 E ne mai 1, ƙasa da 40 kuma F ne, wanda ba shi da foyin ko ɗaya. Ana ninka foyin harafin da yunit ɗin kwas, a tara na dukan kwasa-kwasan, sannan a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Idan na zango ɗaya ne, sunansa GPA. Idan na dukan zangunan da ɗalibi ya yi tun shigarsa ne, shi ne CGPA.

```
CGPA = jimillar foyin / jimillar yunit da aka yi wa rajista
```

A kan wannan adadi ne ake yanke darajar digiri. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da nasu ma'aunin na foyin huɗu, amma yadda ake rabawar ɗaya ne, don haka abin da za a bayyana a nan ya shafe su, sai dai a canza alkaluma.

Kwas ɗin da aka faɗi aka ɗauke shi zuwa shekara mai zuwa shi ne keri-oba. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da keri-oba ya zama yana da sakamako biyu a takarda ɗaya.

## Hanyoyin sun fi biyu

Ana yawan magana kamar zaɓi biyu ne kawai: ko a haɗa sakamakon biyu, ko a goge na farko. A gaskiya kalmar "haɗawa" tana ɗauke da hanyoyi biyu da ba sa ba da amsa ɗaya, kuma a nan ne ruɗanin ya fi yawa.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki kowane zama a matsayin kwas mai zaman kansa. F ɗin farko yana nan da yunit ɗinsa, sabon sakamakon ma ya shigo da nasa yunit ɗin, ta yadda kwas mai yunit 3 zai ci yunit 6 a lissafi. Wannan ce hanyar da aka fi sani a jami'o'in Najeriya, kuma ita ake nufi idan malami ya ce wa ɗalibi keri-oba ba ya gogewa.

Hanya ta biyu ita ce a tara foyin harufan biyu a raba biyu, a ba kwas ɗin abin da ya fito, a kuma ƙirga yunit ɗinsa sau ɗaya. Wanda ya samu F sannan B zai tashi da foyin 2, kamar wanda ya samu D a zama ɗaya.

Hanya ta uku ita ce maye gurbi: a cire sakamakon farko da yunit ɗinsa daga lissafi, a sa na biyu a wurinsa. Jami'o'i da dama a Amurka suna da irin wannan tsari, galibi da iyaka a kan yawan kwasa-kwasan da za a iya yi wa hakan. Akwai kuma wata hanya ta tsaka-tsaki da aka sani a jami'o'in Birtaniya, inda ake barin ɗalibi ya sake jarrabawa amma a tsayar da makinsa a iyakar cin jarrabawa, wato 40 a yawancin digirin farko, ko da ya samu fiye da haka.

## Misali da alkalumansa

A ɗauki wata ɗaliba, a ce daga Argungu take, tana karanta kimiyya a jami'a mai ma'aunin foyin biyar. A aji ɗaya ta yi rajistar yunit 36. Ta faɗi kwas ɗin lissafi mai yunit 3, sauran yunit 33 kuma suka ba ta foyin 120. CGPA ɗinta a ƙarshen shekarar shi ne 120 a raba da 36, wato 3.33.

A aji biyu ta ɗauki sababbin kwasa-kwasai na yunit 36, ta samu foyin 128 a cikinsu. Ta kuma maimaita lissafin, ta samu maki 64, wato B, wanda ya ba ta foyin 4 sau yunit 3, foyin 12 ke nan. Duk abin da ta yi a shekaru biyu bai canza ba. Abin da zai canza shi ne ƙa'idar da za a lissafa shi da ita.

```
Ƙirga zama biyu:   (120 + 128 + 12) / 75 = 3.47
Raba foyin biyu:   (120 + 128 + 6)  / 72 = 3.53
Maye gurbi:        (120 + 128 + 12) / 72 = 3.61
```

Ɗaliba ɗaya ce, takardun amsa ɗaya, amma a hanya ta farko tana cikin daraja ta biyu ƙarama, a sauran biyun kuma tana cikin babba. Tsakanin hanya ta farko da ta uku foyin da ke sama bai bambanta ba, 260 ne a duka biyun. Bambancin yana ƙasa, a adadin da ake rabawa da shi: 75 ko 72. F ba ya rage foyin ko ɗaya daga abin da ɗalibi ya tara, illarsa ita ce yana ƙara yunit ɗin da ba su kawo komai ba, kamar buhunan da aka ƙirga a cikin kaya alhali babu hatsi a cikinsu.

Bambancin hanya ta farko da ta biyu kuwa ya fi ɓoyuwa. A duka biyun, matsakaicin foyin da kwas ɗin lissafin ya ba ta 2 ne. Sai dai hanya ta farko ta ba wannan 2 ɗin nauyin yunit 6, ta biyu kuma ta ba shi nauyin yunit 3. Tun da sauran kwasa-kwasanta suna kusan 3.59 a matsakaici, duk yunit ɗin da aka ƙara wa abu mai foyin 2 ja yake yi ƙasa. Saboda haka idan aka ce wa ɗalibi makarantarsu "tana haɗa biyun", bai samu cikakkiyar amsa ba har sai ya san ko sau ɗaya ake ƙirga yunit ɗin ko sau biyu.

## Nawa ne tabon, kuma yaushe yake raguwa

Tasirin F ɗaya yana raguwa yayin da yunit ke taruwa. Idan ɗalibar nan ta ci gaba da irin ƙoƙarinta har ta kammala da yunit 144, sauran kwasa-kwasan banda lissafin suka ba ta foyin 507, to a hanyar ƙirga zama biyu za ta fita da 519 a raba da 147, wato 3.53, a hanyar maye gurbi kuma 519 a raba da 144, wato 3.60. Tazarar da ta kai 0.14 a aji biyu ta koma 0.07 a aji huɗu. Wanda ya faɗi kwas ɗaya a farkon karatunsa, in dai ba a bakin iyaka yake zaune ba, da wuya wannan kaɗai ya canza masa darajar digiri.

Labarin yana sauyawa idan keri-oba suka yi yawa. Ɗalibin da zai fita da 3.60 a tsarin maye gurbi, idan yana da F uku masu yunit 3 kowanne a tarihinsa, zai fita da kusan 3.39 a tsarin ƙirga zama biyu, domin ana raba foyinsa da 153 a maimakon 144. Idan kuma ya faɗi kwas ɗaya sau biyu kafin ya ci, yunit ɗin kwas ɗin sau uku za su shiga.

Akwai hanya mai sauƙi ta auna wannan ba tare da dogon lissafi ba, ita ce a ɗauki F a matsayin bashi. Ga mai neman tsayawa a 3.50, kowane yunit da ya yi wa rajista yana bukatar foyin 3.5. F mai yunit 3 ya bar masa giɓin foyin 10.5. B yana ba da rarar rabin foyin ne kawai a kowane yunit, don haka sai ya samu B a yunit 21, kwas bakwai masu yunit 3 ke nan, kafin ya cike giɓin. A kuwa yana ba da rarar 1.5, yunit 7 sun isa. C ba ya biyan komai daga bashin, ƙara shi ma yake yi. Wannan ne ya sa ɗalibin da ke kan 3.00 ko sama, idan ya maimaita kwas ya samu C, yake ganin CGPA ɗinsa ya ƙi motsi ko ma ya ɗan sauka, alhali a zatonsa ya yi gyara.

Ga ɗalibin da ke ƙasa sosai, bambancin ya fi zafi. Wanda ya yi rajistar yunit 36, ya faɗi kwas uku masu yunit 3, sauran suka ba shi foyin 40, yana kan 1.11. Idan ya maimaita ukun ya samu D a kowanne, ya ƙara foyin 18. In aka ajiye sababbin kwasa-kwasai gefe, hanyar ƙirga zama biyu za ta ba shi 58 a raba da 45, wato 1.29, maye gurbi kuma 58 a raba da 36, wato 1.61. Makarantu suna da iyakar da idan ɗalibi ya faɗi ƙasa da ita ake ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi daga sashen, wasu a 1.00, wasu a 1.50. Inda iyakar take 1.50, ƙa'idar maimaita kwas ce za ta yanke ko wannan yaro zai ci gaba da karatu ko zai koma gida.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan ƙirga zama biyu suna cewa CGPA tarihin karatun ɗalibi ne gaba ɗaya, kuma tarihi ba a yanke masa wani shafi. Ɗalibin da ya ci kwas a zaman farko, yana ɗauke da cikakken nauyin zangonsa, bai kamata a daidaita shi da wanda ya ga darasin sau biyu, ya san salon tambayoyin malamin, sannan ya zo ya samu harafi ɗaya da shi ba. Suna kuma nuna wata ɓaraka ta gaske a tsarin maye gurbi. Idan F kaɗai ake bari a maimaita, to wanda ya samu 38 ya fi wanda ya samu 42 sa'a, domin na farkon zai iya dawowa ya samu A a goge masa, na biyun kuma ya zauna da E ɗinsa mai foyin 1 har ƙarshen karatu. Tsarin da ke sa ɗalibi ya fi son faɗuwa a kan ci da ƙyar yana da abin dubawa. Idan kuma aka buɗe ƙofa kowa ya maimaita abin da ya ga dama, mai halin biyan kuɗin ƙarin zango ne zai fi amfana, ajujuwan da suka riga suka cika kuma su ƙara cunkoso.

Masu goyon bayan maye gurbi suna cewa abin da ake son sani daga sakamako shi ne ko ɗalibi ya iya darasin a lokacin da zai fita. Idan ya dawo ya samu B, to ya iya, kuma ya riga ya biya farashin faɗuwarsa ta hanyar lokaci da kuɗi da ƙarin nauyi. Suna ƙarawa da cewa yawancin faɗuwar aji ɗaya ba ta rashin ƙwaƙwalwa ba ce. Akwai wanda ya samu gurbin karatu a makare ya tarar an yi nisa, akwai wanda zazzaɓi ya kwantar a makon jarrabawa, akwai kuma, a yankuna irin namu, wanda matsalar tsaro a hanya ko a garinsu ta hana shi dawowa a kan lokaci. A ganinsu, barin irin wannan F yana bin mutum shekara huɗu hukunci ne sau biyu a kan abu ɗaya.

Idan aka auna su, kowace hanya tana amsa wata tambaya ce daban. Ƙirga zama biyu ya fi dacewa idan ana son jera ɗalibai a gwada su da juna, kamar wajen ba da kyauta ko ɗaukar mataimakin malami. Maye gurbi ya fi dacewa idan ana son sanin abin da mutum ya iya a yanzu. Hujjar da ta fi rauni ita ce ta cewa maye gurbi yana ɓoye gaskiya, domin a mafi yawan wuraren da ake yin sa F ɗin yana nan a rubuce a takardar cikakken sakamako, an dai sa masa alamar cewa ba ya cikin lissafi. Haka kuma uzurin rashin lafiya ko na tsaro ba sai an canza tsarin lissafi ake magance shi ba, tun da jami'o'i suna da hanyar neman ɗage jarrabawa ko ɗage zango, wadda idan majalisar malamai ta amince ba a rubuta wa ɗalibi F tun farko.

## Yadda ɗalibi zai gane tsarin makarantarsa

Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi, waɗanda aka kafa a 2013, da jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero, da kwalejojin Kaura Namoda da Birnin Kebbi da Argungu, kowace tana da littafin ƙa'idojin ɗalibai, kuma abin da ke cikinsa shi ne hukunci, ba abin da abokin ɗaki ya ji daga wata makaranta ba. Amma ko babu littafin a hannu, takardar sakamako da kanta tana nuna tsarin. A yawancinsu akwai layin jimillar yunit da aka yi wa rajista, da na yunit da aka ci, da na jimillar foyin, galibi da gajerun sunaye irin su TCR da TCE da TCP, ko da yake sunayen sukan ɗan bambanta. A misalin ɗalibar nan, idan layin rajista ya nuna 75, na waɗanda aka ci ya nuna 72, CGPA kuma 3.47, to zama biyun aka ƙirga. Idan layin rajista ya nuna 72, an cire na farko ko an haɗe su, sai a duba foyin: 260 maye gurbi ne, 254 raba biyu ne.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi idan suna lissafi da kansu shi ne raba foyin da yunit ɗin da suka ci maimakon waɗanda suka yi wa rajista. Yin haka daidai yake da goge kowane F, shi ya sa amsarsu take fin ta makaranta, su ɗauka an zalunce su. Kuskure na biyu shi ne tara GPA na zanguna a raba da yawan zangunan, wanda ba ya ba da amsa daidai sai idan yunit ɗin kowane zango ɗaya ne, kuma zangon da aka saka keri-oba kusan kullum ya fi sauran nauyi.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga ofis, wanda ya cancanci a bi shi da wuri. Kwas ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista sannan ya bari ba tare da ya cire shi a hukumance ba yakan fito a matsayin F. Haka sakamakon da ya ɓace, ko wanda aka rubuta wa ɗalibi bai zo ba alhali ya zauna. A tsarin ƙirga zama biyu, sake rubuta irin wannan jarrabawa ba ya cire sifilin, don haka wanda ya tabbata ya zauna ya fi masa alheri ya rubuta koke ta hannun jami'in jarrabawa na sashensa a duba takardar halarta, a kan ya yi shiru ya maimaita.

## Abin da zai biyo baya

Inda ake barin maimaita kwas ɗin da aka ci da ƙyar, shawarar ta rataya ne a kan tsarin. A maye gurbi, mayar da E zuwa C a kwas mai yunit 3 yana ƙara foyin 6, wato kusan 0.08 ga mai yunit 72, sai dai a tambaya ko na ƙarshe ake ɗauka ko mafi girma, domin inda na ƙarshe ake ɗauka mutum zai iya fita da ƙasa da abin da ya shiga da shi. A ƙirga zama biyu kuwa, maimaitawa tana amfani ne kawai idan sabon foyin ya haura CGPA ɗin da ake da shi. Ɗalibar da ke kan 3.47 idan ta maimaita wani kwas mai yunit 3 ta samu C, za ta koma 269 a raba da 78, wato 3.45.

Keri-oba yana kuma cin wuri a rajista. Ana yawan tsayar da iyakar yunit 24 a zango, kuma kwas ɗin da aka faɗi ake fara sakawa, don haka mai keri-oba da yawa yakan tura sababbin kwasa-kwasai gaba har ya kai ga ƙarin shekara, da kuɗin rajista da na haya da jinkirin hidimar ƙasa. Wannan nauyi yana kan iyaye ko wane tsari makarantar ke bi.

Ga mai niyyar ƙaro karatu a wani wuri, adadin da makarantarsa ta rubuta ba lallai ne ya zama na ƙarshe ba, domin wasu hukumomin karɓar ɗalibai suna sake lissafi da nasu ƙa'idar. A Amurka, hukumar AMCAS da ke tattara takardun masu neman karatun likita tana ƙirga kowane zama ko da jami'ar ɗalibin ta goge na farko, takwararta AACOMAS ma ta daina maye gurbi a 2017. A gida kuwa, masu ɗaukar aiki da masu ba da tallafin karatu sun fi kallon darajar digirin da ke kan takardar shaida, kuma da yawansu suna tsayar da iyaka a daraja ta biyu babba, wato 3.50, adadin da ɗalibar misalinmu ta gaza da 0.03 a hanya ta farko, ta haura da 0.03 a ta biyu.